Na tura wa masu gida biyar saƙo a kan ɗakin haya, mutum ɗaya ne ya amsa

Mai Neman Ɗaki:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara ne. Na samu aiki, zan fara farkon wata mai kamawa, kuma inda nake zaune yanzu ya yi nisa da wurin aikin. Tun ranar Litinin nake bin tallace-tallacen ɗakunan haya. Na tura wa mutum biyar saƙo, duka iri ɗaya: "Salam, ɗakin yana nan?" Huɗu sun buɗe sun karanta, ba su ce uffan ba. Na biyar ya amsa da "Wanne?", na ce wanda kuka saka talla, daga nan shi ma ya yi shiru. Yau da safe na ga wani tallan da ya kwanta mini sosai, ɗaki ɗaya da banɗaki a ciki, kuma tafiyar ƙafa ce zuwa wurin aikina. Ba na so wannan ma ya kuɓuce. Me ya kamata in rubuta?

Ɗan Sauri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bar rubutun nan, ka kira kawai. Ɗaki mai kyau ba ya kwana biyu a talla. Kana can kana tsara kalmomi wani ya riga ya je ya gani. Ni duk gidan da na taɓa kamawa da kira na same shi.

Hajiya Mai Haya:
Ɗana, amsar tana cikin labarin da ka bayar. Mutumin ya tambaye ka "Wanne?" saboda da gaske bai san wanne kake nufi ba. Ni ɗakuna uku nake bayarwa haya a gida biyu. Idan biyu suka tashi lokaci ɗaya na saka talla, wayata ba ta hutawa, kuma yawancin saƙonnin irin naka ne, kalma uku ko huɗu, ba suna, ba komai. Idan na amsa "eh yana nan", sai a ce "nawa ne?" alhali kuɗin yana rubuce a tallan. In faɗa, sai a ce "a ina yake?" Haka za mu yi ta yi har dare, ƙarshe mutumin ba zai zo ba. Na gaji da wannan, shi ya sa yanzu nake fara amsa wa wanda na ga alamar ya karanta tallan kuma ya shirya zuwa. Sauran sai in na samu sukuni, kuma gaskiya sau da yawa ba na samu.

Mai Neman Ɗaki:
Na gode Hajiya, na gane. To ga abin da na rubuta yanzu, ban tura ba tukuna, ku duba mini:

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya ƙoƙari. Ni matashi ne mai neman na kansa, na gama karatu shekara biyu da suka wuce, na sha wahalar neman aiki sai yanzu Allah ya yanke mini. Inda nake zaune akwai matsaloli da yawa, ga nisa ga rashin ruwa ga hayaniya. Na ga tallan ɗakinka. Ina so in san ko yana nan, akwai ruwa, akwai wuta, mita ta kowa da kowa ce ko kowa da tasa, mutum nawa ne a gidan, ana rufe ƙofa da dare, kuma za a iya rage mini kuɗin saboda yanzu zan fara aiki? Duk lokacin da ka ce in zo zan zo. Don Allah a taimaka mini."

Tsohon Dillali:
Yaro, ka bar wancan gefen ka faɗa wannan. Bari in bi shi da kai a hankali, don na daɗe a wannan harka, kuma irin saƙon nan na karanta ba adadi.

Saƙon farko aiki ɗaya ne da shi, ya kai ka bakin ƙofar ɗakin. Ba a cikinsa ake ƙulla haya ba. Saboda haka ka auna shi da wannan: mai gida yana tsaye a kan hanya, waya a hannu ɗaya, zai iya amsa maka da layi guda? Naka na farko ba zai iya ba, don bai san wane ɗaki ba. Na biyun ma ba zai iya ba, don ka jera masa tambaya bakwai, sai ya nemi wuri ya zauna. Zai ce bari in koma gida in amsa, kafin ya koma wani ya turo abin da ake amsawa da "eh, zo gobe".

Har yanzu ma ba ka faɗi wane ɗaki ba. "Na ga tallan ɗakinka" bai wadatar ba. Ka ambaci inda ka ga tallan, ranar da ka gani, da siffar ɗakin kamar yadda aka rubuta, ɗaki ɗaya da banɗaki a unguwa kaza. In tallan yana da lamba, saka lambar. In kana so ka huta, ɗauki hoton tallan ka haɗa da saƙon.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba ni haushi a rubutunka. "Duk lokacin da ka ce in zo zan zo" kamar ladabi ne, amma aiki ka ɗora masa. Shi zai zauna ya zaɓi rana, ya faɗa maka, kai kuma wataƙila ka ce ranar ba ka da hali, a sake sabon zagaye. Kai ne za ka kawo lokaci biyu, a ranaku daban-daban, da ƙarfe nawa. Misali gobe Alhamis ƙarfe 4:30 na yamma, ko Asabar ƙarfe 10 na safe. Sannan ka bar masa ƙofa, ka ce in waɗannan ba su yi ba ya faɗi wanda ya dace da shi. Ka ambaci sunan ranar, kada ka tsaya a "gobe", domin in sai da safe ya buɗe saƙon, gobenka ta zama yau ɗinsa, kowa da lissafinsa.

Labarin wahalar neman aiki da matsalolin tsohon gida, cire su duka. Mai gida in ya ji baƙo yana kukan gidan da yake ciki, abin da yake zuwa masa a rai shi ne wata rana haka zai yi kukan nawa. Roƙon ragi kuwa tun ba ka ga ɗakin ba, abin da yake faɗa masa shi ne kuɗin zai yi maka nauyi.

Ɗalibin Lissafi:
Gaskiya ni ban yarda a bar maganar ragi ba. Ni bara da mai gidanmu ya ce zai ƙara kuɗi, na rubuta masa doguwar takarda na lissafa masa duk gyaran da na yi da kuɗina, famfo da ƙofar banɗaki da fenti, kuma ya janye ƙarin. In ba ka yi magana ba wa zai yi maka? Ka rubuta masa komai dalla-dalla.

Hajiya Mai Haya:
Ɗana mai lissafi, kai mai gidanka ya san ka, ya ga biyanka na shekara, ya ga gyaranka da idonsa. Wannan bawan Allah kuwa ko fuskarsa ba a gani ba. Ba maganar sabunta haya ake yi ba.

Ɗalibin Lissafi:
Af, na ɗauka ya riga ya shiga gidan. A yi haƙuri, ban karanta daga sama ba.

Mai Neman Ɗaki:
Baba Dillali, Allah ya saka da alheri. Amma tambayoyin ruwa da wuta fa? Ina tsoron in ɓata yini in je in tarar ba abin da nake so ba ne.

Tsohon Dillali:
Ka zaɓi guda ɗaya, wadda in amsarta a'a ce ba za ka je ba ko kyauta aka ba ka ɗakin, kuma wadda ba a riga an amsa ta a tallan ba. Ga wani ita ce wurin ajiye babur, ga wani ita ce ko ana karɓar kuɗi wata-wata, ga mai tsohuwa ita ce ko ɗakin a ƙasa yake. Wannan ka saka ta a saƙon, a gajarce. Sauran ka riƙe su sai ka je. Ruwa, ai ba tambaya ake yi ba, famfon ake murɗawa a gani. Ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka shafa bango daga ƙasa ka ji ko akwai danshi, ka duba mita da idonka. In ka ci sa'a ka tarar da wani ɗan haya a tsakar gida, gaisuwar minti biyu da shi za ta faɗa maka abin da mai gida ba zai rubuta maka ba. Gani ya kori ji. Shi ya sa ma lokutan da za ka bayar su kasance da rana tsaka ko da sauran haske. Ɗakin da aka nuna maka da fitilar waya ba ka gan shi ba.

Malamar Asibiti:
Ina da ƙari a kan abin da Baba ya faɗa, kuma akwai inda na ɗan saba da shi. Ya ce a cire labarin kai. Na yarda a cire dogon labari, amma layi ɗaya na gabatarwa dole ne: sunanka, mutum nawa za su zauna, da ranar da kake son shiga. Ni aikin dare nake yi wasu makonni. Akwai gidan da na je na gani, ya yi mini, muka yi magana mai daɗi da mai gidan, sai a ƙarshe ya ce ƙarfe 10 na dare ake kulle ƙofar waje kuma ba ya ba ɗan haya makulli. Na ɓata ranar hutuna ɗaya tilo a makon. Tun daga nan nake rubutawa a saƙon farko cewa aikina yakan sa in fita ko in dawo cikin dare. Wanda hakan bai yi masa ba, ya faɗa tun da wuri, kowa ya huta.

Tsohon Dillali:
Ba mu saba ba 'yata. Wannan ita ce tambayarki guda ɗaya da nake magana. Kuma ranar shiga da kika ambata tana da muhimmanci, na manta da ita. Wani ɗakin ana tallansa alhali mai ciki bai tashi ba sai ƙarshen wata, wani kuma mai gidan yana son wanda zai biya a wannan makon. In ka faɗi ranarka, shi da kansa zai san ko kun dace.

Ɗan Sauri:
Ni fa har yanzu ban ga dalilin faɗa wa baƙo aikinka da yawan mutanenka ba. Wani mai gidan da ya ji ba ka da aure, ko ya ji kana da yara huɗu, shi ke nan ya soke ka tun bai gan ka ba. Gara ka je ya gan ka ido da ido, ya ga natsuwarka, sannan ka faɗa. Mutum yakan sauya ra'ayi in ya ga mutum.

Hajiya Mai Haya:
Akwai gaskiya a maganarka, ba zan musa ba. Na taɓa cewa ba zan ba ɗalibai ɗaki ba, sai wani yaro ya zo da yayansa, na ga tarbiyyarsa na ba shi, ya yi shekara uku ban taɓa jin kansa da kowa ba. Da a saƙo ya fara ce mini ɗalibi ne, wataƙila da ban kira shi ba. Amma yawan mutane daban ne. Ɗaki ɗaya ne, in mutum ya ɓoye mini cewa su biyar ne har sai da muka haɗu, raina zai ɓaci, kuma zan fara tunanin me kuma ya ɓoye.

Malamar Asibiti:
Ni dai na fi son a ƙi ni a waya da a ƙi ni a tsakar gida bayan na biya kuɗin mota. Amma na san wasu ƙawayena da suke yin yadda Ɗan Sauri ya ce, kuma suna samun gida. Abin da ba na bayarwa a saƙon farko shi ne sunan wurin aikina, adireshin inda nake zaune, ko hoton katin shaida. Ban san wanda ke riƙe da wayar ba tukuna. Kuma ba na zuwa ganin ɗaki ni kaɗai, ko ƙanena ne sai na ja shi.

Uwar Biyu:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa, don har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Na ga talla, hotuna masu kyau, kuɗin ƙasa da na sauran gidajen unguwar. Na tura saƙo, ko minti biyar ba a yi ba aka amsa, da fara'a da addu'o'i. Na ce yaushe zan zo in gani? Ya ce ya yi tafiya, makullin yana hannun ƙaninsa, amma mutane uku suna layi, in ina so da gaske in tura kafin alƙalami ya riƙe mini ɗakin, in na gani bai yi mini ba zai mayar. Lokacin an ba mu wa'adin tashi, ga yara biyu, hankalina ba a kwance yake ba. Na tura. Washegari ya ce ƙanin ya tafi asibiti. Jibi lambar ta daina shiga. Da na je unguwar na nuna hoton, gidan yana nan da gaske, amma masu shi suna ciki, ba su taɓa saka shi haya ba. Hoton kawai aka ɗauka.

Abin da na lura daga baya shi ne, sau uku ina tambayar ranar gani, sau uku yana kauce wa ranar yana komawa kan kuɗi.

Tsohon Dillali:
Allah ya mayar miki da alheri 'yata. Kin faɗi wani amfanin saka rana da lokaci a saƙon farko da ban ambata ba. Mai ɗaki na gaske, in ka ce masa Asabar ƙarfe 10, zai ce to, ko ya ce sai Lahadi, ko ya haɗa ka da wanda zai buɗe maka. Amsarsa a kan lokacin take. Ɗan damfara ba shi da ƙofar da zai buɗe, dole ya karkatar da zancen: ina wata ƙasa, mutane sun yi yawa, tura wani abu tukuna. Ba a biyan ko sisi na haya ko kafin alƙalami sai ƙafarka ta taka cikin ɗakin, ka kuma tabbatar mai karɓar kuɗin yana da ikon bayar da shi, a rubuta maka rasit.

Shi ya sa nake so ka ƙara rabin layi: da mai gidan nake magana ko da wakilinsa? Ba laifi ba ne ya zama dillali, sana'ata ce. Amma in dillali ne akwai la'ada, wasu kuma suna karɓar kuɗin kai mutum ya gani, gara ka sani kafin ka fito. Akwai kuma masu barin tallan ɗakin da aka riga aka kama don su jawo mutane, in ka kira su ce wancan ya tafi amma akwai wani. Wani lokacin gaskiya ce, wani lokacin ɗakin hoton bai taɓa kasancewa a hannunsu ba. In aka ce maka haka, ka nemi hoto da kuɗin sabon kafin ka motsa.

Ɗan Sauri:
To ai duk wannan a kira ɗaya za ka ji. Murya ba ta ɓoye mutum.

Uwar Biyu:
Nawa ma mun yi waya sau biyu, muryar dattijo mai natsuwa.

Hajiya Mai Haya:
Kira yana da kyau in tallan ya ce a kira. In ya ce a turo saƙo, a turo saƙo, don yadda mutum ya bi wannan ƙaramin umarni nake fara gane shi. Ni baƙuwar lamba in ina cikin mutane ba na ɗauka, amma saƙo yana nan yana jirana. Abin da na roƙe ku, ku bar saƙon murya na minti uku. Ba zan iya saurara a cikin taro ba, kuma in na zo neman ranar da muka tsayar sai na sake jin duka daga farko. Sannan a duba agogo. Saƙon ƙarfe 1 na dare, kafin gari ya waye wasu sun danne shi.

Mai Neman Ɗaki:
Na gode muku duka. Ga yadda na gyara:

"Assalamu alaikum, barka da yamma. Sunana wane. Na ga tallan da kuka saka yau Laraba na ɗaki ɗaya da banɗaki a unguwa kaza, ga hotonsa na haɗo. Don Allah ɗakin yana nan? In yana nan, ina so in zo in gani gobe Alhamis ƙarfe 4:30 na yamma, ko Asabar ƙarfe 10 na safe. In ba su yi muku ba, ku faɗi lokacin da ya dace. Ni kaɗai zan zauna, ma'aikaci ne, kuma ina so in shiga 1 ga wata mai kamawa. Akwai wurin ajiye babur a cikin gida? Sannan da mai gidan nake magana ko da wakilinsa? Na gode."

Malamar Asibiti:
Wannan ya yi. Ni da nice da na cire "ma'aikaci ne", amma ba zai cutar ba.

Hajiya Mai Haya:
A'a, bar shi. Ni shi nake fara nema, don ina so in san daga ina kuɗin hayar zai riƙa fitowa. Wannan saƙon in ya shigo wayata zan amsa shi kafin in ajiye ta. Sallamar da gaisuwa ɗaya sun isa, ba sai an tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya ba.

Tsohon Dillali:
Tura shi yanzu, kada ka kai dare. In ya yi shiru, ka bari sai gobe da hantsi ka ƙara layi ɗaya: "Barka da safiya, ina bibiyar saƙona na jiya a kan ɗakin, ko yana nan?" In aka sake shiru, kira sau ɗaya. Bayan wannan ka ƙyale, mai yiwuwa an kama, ba kowa ke komawa ya sauke talla ba. Kuma kada ka tsaya jiran wannan kaɗai. Waɗancan biyar ɗin ma ka sake tura musu irin wannan, kowanne da siffar nasa ɗakin, amma ka rarraba lokutan, kada ka ba mutum uku Asabar ƙarfe 10 dukansu su ce to.

Mai Neman Ɗaki:
Jama'a, ya amsa. Ya ce ɗakin yana nan, shi ɗan mai gidan ne, mahaifinsa ne mai gidan kuma yana zaune a sashen gaba. Alhamis ba ya nan, amma Asabar ƙarfe 10 ta yi. Babur ana shigar da shi. Sai dai ya ce akwai wani da zai zo gani ranar Juma'a. Bai nemi in tura komai ba. Yanzu hankalina ya ɗan tashi, in roƙe shi ya riƙe mini?

Ɗan Sauri:
Ka ga abin da nake faɗa. Kira shi yanzu ka ce za ka zo Juma'a da sassafe, ka riga wancan.

Tsohon Dillali:
A nan na bi Ɗan Sauri, amma a rubuce. Kada ka ce a riƙe maka abin da ba ka gani ba, don amsar da za ta biyo baya ita ce "to kawo wani abu". Ka tabbatar da Asabar ɗin tukuna, sannan ka tambaya ko akwai halin zuwa Juma'a da safe, ko kuma wani a gidan ya buɗe maka gobe tunda mahaifin yana nan. Ka nemi cikakken kwatance da lambar wanda za ka tarar.

Uwar Biyu:
Kuma in ka je ka nemi gaisawa da mahaifin da kanka, kada ka tsaya a ɗan.

Mai Neman Ɗaki:
Na tura. Ya ce zai tambayi mahaifinsa in an idar da sallar isha'i ya sanar da ni. Yayana ya ce zai raka ni ko wace rana ce aka tsayar.